Filash ɗin Mufida

Hajiya Asma'u tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, safiyar wata Asabar, sai ta ji 'yarta ta saki salati a falo. Ta leƙo. Mufida na durƙushe gaban tebur cikin fararen kayan makarantar koyon aikin jinya, ta ɗora hannu biyu a ka, tana kallon ƙaramar kwamfutarta, irin wadda ake kira Chromebook.

"Ke, lafiya?"

"Umma, ta ƙi tashi."

Asma'u ta matso. Maimakon hoton da ta saba gani da gurbin rubuta kalmar sirri, allon ya yi fari fat, da alamar motsin rai a tsakiya da rubutun Turanci layi biyu. Rubutun yana cewa manhajar ChromeOS ta ɓace ko ta lalace, a saka filash ɗin farfaɗo da ita. Can ƙasa kuma akwai wani suna da haruffa da lambobi a jere.

Ta buɗe baki za ta yi magana ke nan, sai ta ga yarinyar ta riga ta ɗauki waya, ta ɗauki hoton allon, ta tura, ta danna kira.

"Mama, ina kwana? Kin ga abin da na turo miki?"

Asma'u ta rufe bakinta. Ba ita ake kira Mama ba. Ita Umma ce. Mama ita ce Malama Ladi, matar Bitrus, 'yan Filato, waɗanda suka yi zaman haya gida ɗaya da su a Tarauni tun Mufida tana goye. A lokacin Asma'u sabuwar nas ce, yau aikin safe gobe na yamma, ga kunyar 'yar fari da aka raine ta a kai, wadda ta hana ta ko ambatar sunan yarinyar a gaban mutane, balle ta ɗora ta a cinya tana wasa da ita. Ladi ba ta san wannan kunyar ba. 'Ya'yanta duk maza ne, sai ta rungume Mufida. Ita ta yi mata kitson farko, ita ta raka ta makaranta ranar farko, a ɗakinta yarinyar ta koyi karatun boko. Asma'u ta yi ta godiya a lokacin, kuma da zuciya ɗaya take yi. Sun gina nasu gidan a Gyaɗi-Gyaɗi sun tashi shekaru da dama da suka wuce, ita kuma ta zama babbar nas mai kula da ɗakin masu tiyata, amma har yau in ƙaya ta soki Mufida, Tarauni ake fara jin labari.

Mufida ta sa wayar a amsa-kuwwa ta ajiye a tebur. Muryar Ladi ta cika falon. Malamar kwamfuta ce a wata sakandare, kuma yadda take magana a aji haka take yi a waya.

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Cire duk abin da ke jikinta. Kin ga maɓallin nan na sama mai kibiya a zagaye? Riƙe shi ki danna na kunnawa. To me ta ce?"

Allon ya yi baƙi, ya sake haske, rubutun nan ya dawo yadda yake.

"Shi ne dai, Mama."

"To sai an sake zuba mata manhaja. Ba wani abu ba ne, amma ki sani duk abin da kika ajiye a cikin ita kanta kwamfutar zai tafi. Abin da ke cikin akawun ɗinki na Google ne kawai zai dawo. Ina aikin binciken naki?"

"A cikinta yake, amma na kwafa shekaranjiya."

"Madalla. Ki kawo mini ita gobe in mun taso daga coci, ina da filash da ba komai a ciki. Ki gaida Ummanki."

"Tana ji," in ji Mufida.

"A'a, Maman Mufida! Ina kwana? Kin ga aikin 'yarmu ko?"

"Lafiya lau, Maman Paul. Mun gode," Asma'u ta ce, ta koma kicin. Kunun da ta bari a wuta ya fara kamawa.

Da Mufida ta zo yi mata sallama za ta tafi asibiti, domin ranar tana da aikin koyo har la'asar, Asma'u ta ce ba tare da ta juyo ba, "Dole sai an kai Tarauni? Duk garin nan ba mai iya gyarawa?"

"Umma, ai Mama ta san kanta."

"Haka ne. Allah ya tsare."

Gidan ya yi shiru. Malam Yahaya, maigidan, ya tafi ɗaurin aure Hotoro, ƙannen Mufida suna Islamiyya. Asma'u ta yi shara, ta wanke kwanuka, ta zo goge tebur ta tarar da kwamfutar a rufe inda aka bar ta. Ita ta sayo ta da kanta ranar da yarinyar ta samu gurbin karatu. Ta tuna yadda Mufida ta yi tsalle ta ce na gode Umma, kafin a jima kuma ta ji ta a ɗaki tana cewa, "Mama, ki ga abin da aka sayo mini." Aka sayo. Ko sunan mai sayowar bai fito ba.

Ta ja kujera ta zauna. Mace ce da ke kula da na'urorin da ran mutum ke rataye a jikinsu, ita ke koya wa sababbin ma'aikata yadda ake saita su. A ce wannan 'yar kwamfutar ce za ta gagare ta? Ta shiga ɗaki ta ɗauko tata tsohuwar laftof da take rubuta rahoto da ita, ta kunna intanet ɗin wayarta ta haɗa, ta sa tabarau.

Ba ta sha wahalar samun bayanin ba. A cikin Chrome, manhajar shiga intanet ta laftof ɗinta, za ta ƙara wata 'yar manhaja mai suna Chromebook Recovery Utility. Ita ce za ta sauko da manhajar da ta dace da kwamfutar Mufida ta rubuta ta a kan filash. Ta saka ta, ta buɗe. Aka tambaye ta samfurin kwamfutar. Ta buɗe ta Mufida, ta duba suna da lambobin nan na ƙasan allo, ta kwafe su harafi bayan harafi, ta sake dubawa kamar yadda take duba sunan magani kafin ta ba majinyaci. Manhajar ta gane samfurin. Asma'u ta ji wani daɗi ya ratsa ta.

Sai aka ce ta saka filash mai girman gig takwas ko fiye.

Nata filash ɗin na ofis ƙarami ne, tsohon yayi, bai kai ba. Ta duba durowar Malam, ba komai sai caja da tsofaffin batura. Ta shiga ɗakin Mufida. A cikin wani ɗan kwano a kan madubi, tare da 'yan kunne da fil, ta ga wani ja mai igiyar ulu da aka saƙa da hannu. Ta san saƙar. Ladi ce ta ba yarinyar shi ranar da ta gama sakandare.

Ta kawo ta soka a laftof. Girmansa ya isa har ya yi yawa. Taga ta buɗe da kanta ta nuna abin da ke ciki: jakunkuna uku ko huɗu. Ta farko an rubuta mata suna da manyan baƙaƙe, NI DA MAMANA. Sauran sunayensu gajeru ne na Turanci, ba ta ma tsaya karanta su ba, domin idonta ya maƙale a ta farkon. Ta danna.

Hotuna ne. Mufida da haƙoran gaba biyu a cire, a kan cinyar Ladi. Mufida da kayan makaranta sun yi mata yawa, Ladi ta riƙe hannunta. Mufida ranar Sallah da lalle, Mufida ranar Kirsimeti da farantin shinkafa tsakanin Paul da ƙannensa. Akwai bidiyo ma. Asma'u ta yi ta gangarawa tana neman fuskarta. Ta samu kanta a hoto ɗaya, a gefe, cikin kayan aiki, jaka a kafaɗa, rabin jikinta ya fita daga hoton, da alama fita za ta yi aka ɗauka.

Ta rufe tagar.

Ta koma kan manhajar, ta zaɓi filash ɗin. Gargaɗi ya fito a fili, ba a ɓoye ba: duk abin da ke kan wannan filash za a goge shi. Ta karanta. Ta san abin da ya kamata ta yi, ta kwafe jakunkunan zuwa laftof ɗinta tukuna, aikin da bai fi a dafa shayi ba. Ko ta saka hijabi ta taka bakin titi ta sayo sabo. Hannunta na kan linzamin laftof ɗin, ta ce a ranta ai hotunan Ladi ne, suna nan a wurinta, in yarinyar tana so sai ta je Tarauni ta sake kwasowa, da ma kullum tana hanya. Ta danna.

Saukowar ta ɗauki lokaci, domin manhajar babba ce, intanet ɗin kuma yana ja yana tsayawa. Ta yi azahar, ta ɗora miya, tana leƙowa. Layin ya cika, manhajar ta tantance abin da ta sauko da shi, ta rubuta a filash, daga ƙarshe ta ce an gama, a cire.

Ta jona kwamfutar Mufida da caja. Da yake ta kashe ta ɗazu, sai ta bi yadda bayanin ya ce: ta riƙe maɓallin Esc da mai kibiyar nan, ta danna na kunnawa, ta saki. Allon neman filash ya fito. Ta yi bisimilla ta soka. Kwamfutar ta ɗan yi jim, ta ce tana duba abin da aka saka mata, sai ga layi ya fara tafiya, da gargaɗin kada a kashe ta kada a cire wuta. Asma'u ta zauna ta tsare ta kamar majinyacin da aka fito da shi daga tiyata. Can rubutu ya fito cewa an kammala, a cire filash. Tana zarewa kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta, ta kawo allon maraba, tas, kamar ranar da aka fito da ita daga kwali.

Asma'u ta yi dariya ita kaɗai a falo. Ta goge allon da gefen mayafinta, ta gyara wa kwamfutar zama a tsakiyar tebur yadda mai shigowa zai fara ganinta.

Bayan la'asar Mufida ta dawo a gajiye. Ta yi sallama, ta yi turus.

"Umma! Wa ya gyara? Mama ta zo ne?"

"Ba wanda ya zo."

"To wa..."

"Ni da kike gani."

Yarinyar ta yi ihu ta rungume ta ta baya, abin da ba ta saba yi ba. Asma'u ta ce, "Ke, sake ni, kina warin asibiti," amma ba ta ture ta ba. Mufida ta zauna, ta haɗa kwamfutar da intanet, ta saka adireshinta da kalmar sirri. Kaɗan kaɗan kayanta suka dawo: hoton bangon allo, shafukan da ta adana, takardun da ke cikin Drive, ma'ajiyar akawun ɗinta na Google. Ta buɗe jakar da ake sauke abubuwa, wadda ke cikin ita kanta kwamfutar, ta tarar da ita wayam.

"Da ma Mama ta faɗa. Bari in ɗauko kwafin."

Ta shiga ɗakinta. Asma'u ta ji ana motsa kwano, ana jan durowa.

"Umma, ba ki ga jan filash ɗina ba?"

Yana kan tebur, bayan laftof. Mufida ta fito ta gan shi, ta kalli laftof ɗin, ta kalli uwarta. Ta ɗauka ta soka shi a kwamfutarta. Babu jaka ko ɗaya da ta sani.

"Da shi kika yi?"

"Shi na samu."

"Umma, aikina yana ciki. Babi huɗu. Ranar Alhamis zan miƙa." Ta nuna kwamfutar. "Malaminmu ya ce a fayil ɗin Word yake so, shi ya sa nake ajiyewa a cikinta, ga data ba kullum ba. A filash ɗin nan na kwafa. Bai gaya miki zai goge ba?"

Asma'u tana iya cewa ba ta lura ba. Yarinyar za ta yarda, domin a ganinta Umma ba ta san kan waɗannan abubuwa ba. Wannan tunanin ne ma ya hana ta faɗa.

"Ya gaya mini."

"Kin buɗe kin ga abin da ke ciki?"

"Na ga hotuna."

Mufida ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi kuka a nan ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, kuma ko minti ɗaya ba a yi ba Asma'u ta ji ta ta cikin ƙofar tana cewa, "Mama..." sai kukan ya ɓalle.

Malam Yahaya da ya dawo ya ji labari, ya cire hula ya shafa kai. "Ke kuwa Hajiya, me ya kai ki? Da kin bari an kai wa Ladin."

"Kai ma abin da za ka ce ke nan," ta ce, ta tashi ta ba shi wuri.

Washegari da rana Mufida ta ce kanta na ciwo, ba za ta fita ba. Ta faɗa daga kwance, fuskarta na kallon bango, ta ƙara da cewa Mama ta ce babi uku na farko suna wurinta. Asma'u ta saka hijabi, ta jefa jan filash ɗin a jaka, ta tari adaidaita zuwa Tarauni. Ba wanda ya aike ta. Za a iya turo aikin ta waya, ta sani. Amma zama a gidan ya gagare ta.

Tsohon gidan hayar yana nan yadda ta san shi, sai dai an sake fenti, bishiyar gwaibar tsakar gida kuma ta yi girma. Ladi ta fito da kayan cocinta ba ta ko canza ba, ta yi ƙiba, furfura ta fito mata a goshi.

"Oyoyo, Maman Mufida! Yau ke ce a gidanmu? Shigo, shigo. Baban Paul ya tafi taron 'yan garinsu."

Ta kawo ruwa da soyayyiyar gyaɗa. Suka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi aiki. A bangon falon akwai hoton Mufida cikin firam, tsakanin na Paul da na ƙannensa. Asma'u ta ɗauke kai. Ta fito da filash ɗin ta ajiye.

"Ba yadda za a yi a dawo da abin da ke ciki?"

Ladi ta juya shi a hannu. "Da gogewa kawai aka yi, da sai mu gwada. Amma an rubuta manhaja a kansa, ta bi ta kan abin da ke wurin. Zan duba, kada dai ki sa rai. Shi kansa filash ɗin sai an sake wanke shi kafin ya koma ɗaukar kaya." Ta ɗago. "Amma aikin kin yi shi daidai, wallahi. Da yawa a wurin lambar samfurin suke kuskure. Ki dai gaya mata, in saƙon nan ya sake fitowa bayan wannan, to ma'ajiyar cikin kwamfutar ce ke mutuwa, ba manhaja ba."

Yabon bai yi wa Asma'u daɗi ba. Ya yi kama da wanda ake yi wa ɗalibi.

"Ta ce babi uku suna wurinki."

"Suna cikin imel ɗina. Duk wanda ta gama sai ta turo in duba mata Turancin. Na huɗun ne ba ta turo ba."

"A kan me take rubutun?"

Tambayar ta fita kafin ta tare ta. Ladi ta kalle ta da mamakin da ta kasa ɓoyewa.

"Kula da ciwo bayan tiyata. Yadda ake wanke shi, da abin da ke sa ya ruɓe."

Asma'u ta ji kamar an mare ta. Aikinta ke nan. Abin da ta shekara ashirin da wani abu tana yi ke nan da hannunta, har daga wasu asibitoci ake turo mata ma'aikata ta koya musu. 'Yarta ta rubuta babi huɗu a kai, a ɗakin da ke jikin nata, ta kwasa ta kai wa malamar kwamfuta.

"Ba ta taɓa nuna mini ba," ta ce.

"Tsoronki take ji. Ta ce in kika gani za ki ce duk shirme ne."

"Ni na ce mata haka?"

"Ba ki ce ba. Ba kya dai cewa komai ne."

Asma'u ta ajiye kofin ruwan da ɗan ƙarfi. "Maman Paul, ni na haife ta."

"Wa ya ce ba ke ba ce?" Ladi ma muryarta ta canza. "Kullum sai an tuna mini. Ranar da kuka tashi daga gidan nan, kin san kwana nawa na yi ban shiga ɗakin can ba? Kuka ɗauke ta kamar an ɗauke kujera. In ta yi aure ke za a zaunar a gaba, ni ina can baya cikin 'yan kallo, ana cewa wata maƙwabciyarsu ce ta da. Hotunan nan su ne nawa. Wayar da na ɗauki yawancinsu an sace ta a kasuwa bara. Abin da ke filash ɗin nan shi ne ya rage."

Asma'u ba ta san da wannan ba. Ta dubi jan filash ɗin da igiyarsa ta ulu.

"Na ɗauka kina da su."

"Waɗanda na wanke a takarda ne kawai suka rage, ba su fi a ƙirga ba. Bidiyon duk sun tafi." Ladi ta share ido da bakin ɗankwalinta. "Kin ga gargaɗin, ko?"

"Na gani."

A waje wani mai sayar da ruwa yana buga jarkokinsa. Asma'u ta so ta ce a yafe mata, amma ta kasa, domin ko a lokacin, tana kallon matar nan tana hawaye, wani ɓangare na zuciyarta yana cewa hawayen a kan 'yar wa ake yin su. Daga ƙarshe ta ce, "Ban kyauta ba, Ladi. Ki yi haƙuri." Rabon da ta kira ta da sunanta tun farkon zamansu a gidan nan.

Ladi ta ja hanci, ta jawo wayarta. "Ba ni imel ɗinki. Ke zan tura wa, ba ita ba. Ki karanta kafin ki isa gida."

A cikin adaidaita ta karanta, tana riƙe da tabarau saboda gargadar hanya. Turancin ya yi kyau, an ga hannun Ladi. Amma a babi na biyu yarinyar ta kawo wata tsohuwar hanyar wanke ciwo da aka daina, a na uku kuma ta haɗa alamomin kumburin da ake sa rai da na ruɓewa wuri ɗaya. Asma'u ta ji haushin kuskuren, ta kuma ji wani abu mai kama da farin ciki, wanda ta ji kunyarsa. Wannan dai Ladi ba za ta taɓa ganinsa ba.

Ta tarar da Mufida a falo. Ta zauna nesa da ita kaɗan.

"Na karanta. Akwai gyara a babi na biyu da na uku. Na huɗun kuma, takardun tambayoyin da kika raba suna nan?"

"Suna cikin jaka." Ba ta ɗago ba.

"Ɗauko."

Haka suka yi kwanakin nan, daga dawowarsu asibiti zuwa magariba. Mufida na bugawa, Asma'u na karanto mata amsoshin daga takardu, tana tsayar da ita in ta kauce. Yanzu a Drive take rubutawa, sai an gama ta sauke shi a matsayin Word. Ba ta saki jiki ba. Eh da a'a ne yawancin maganarta, kuma ba ta tayar da zancen hotunan ba ko sau ɗaya, wanda ya fi damun Asma'u fiye da a ce ta yi faɗa. Ranar Talata ne kawai, da uwar ta kwatanta mata yadda warin ciwo ke gaya wa nas abin da ke faruwa tun kafin sakamakon gwaji ya fito, yarinyar ta tsaya da bugawa ta ce, "Umma, me ya sa ba ki taɓa gaya mini irin wannan ba?"

"Ba ki tambaya ba."

"Ke ma ba ki tambaya ba."

Asma'u ta gyara tabarau ta ce su ci gaba.

Ladi ta gwada filash ɗin da wata manhajar tono fayiloli, ta samo hotuna kaɗan, wasu rabinsu toka-toka. Sauran sun tafi ke nan. Mufida ta miƙa aikinta ranar Alhamis, kwamfutar kuma ba ta sake kawo saƙon ba.

Da sakamako ya fito ta ci, Malam Yahaya ya ce a yi 'yar walima a gida. Asma'u ta tashi tun da safe ta yi waina da miyar taushe. Da azahar sai ga Ladi da Bitrus, Ladi na rungume da kular gwaten acca irin na garinsu. Matan biyu suka gaisa da fara'a, suka zauna tabarma ɗaya. Mufida ta zo ta zauna tsakaninsu, ta zuba waina a faranti ɗaya, gwate a wani, ta ajiye su gabanta.

Asma'u tana hira da baƙi, tana amsa barka, amma idonta na kan farantan. Da ta saci kallon Ladi, sai ta ga ita ma can take kallo. Yarinyar ta ci waina biyu, ta jawo gwaten ta sha, ta koma kan waina. Asma'u ta miƙa hannu ta ƙara mata miya ba tare da an tambaye ta ba.

"Umma, ya isa haka."

"Ci dai," in ji Asma'u. "Akwai saura a tukunya."